Wa Ya Zo Na Ɗaya? Yadda Ake Gina Teburin Makin Kacici-kacici da Redis

A ce wata ƙungiya ta shirya gasar kacici-kacici ta mako guda, wadda ake yi ta waya. Tambayoyi 20 ne, kowace amsa daidai maki 10, kuma mutum 50,000 suka shiga. Da zarar mutum ya amsa tambaya, abu biyu yake son gani a fuskar wayarsa: su wane ne goman farko, shi kuma na nawa ne. Ba gobe yake son gani ba, yanzu yake so, tun ɗan yatsansa bai bar gilashin wayar ba.

Goman farko ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne tambaya ta biyu. Kafin a ce wa mutum shi ne na 18,402, sai an san mutum nawa ne ke gabansa, alhali makin dubban mutane na canzawa a kowane minti. Idan a rumbun bayanai na yau da kullum aka zuba makin, duk lokacin da wani ya tambayi matsayinsa sai na'ura ta ƙirgo waɗanda suka fi shi, kuma ƙirgar tana ƙara tsawo gwargwadon nisansa daga sama. Ga aji mai ɗalibai 60 wannan ba komai ba ne, malami ma da biro zai yi. Ga mutum 50,000 da ke ta danna waya lokaci guda kuwa, na'urar za ta fara nishi.

A irin wannan aiki ne Redis ta yi suna. Manhaja ce da wani ɗan Italiya daga tsibirin Sisili, Salvatore Sanfilippo, ya fara fitarwa a 2009. Tana riƙe bayananta a ma'adanar aiki ta kwamfuta, wato RAM, ba ta jiran faifai kafin ta ba da amsa, shi ya sa take da saurin gaske. Daga cikin mazuban bayanai da take da su akwai wanda ake kira `sorted set`, a nan za mu ce masa jerin maki. Dokokinsa biyu ne kacal. Suna ba ya shiga sau biyu, kuma kowane suna yana da lamba a gefensa, wadda da ita ake jera kowa. Ba a cewa Redis ta jera. Tun daga lokacin da aka zuba suna yake faɗawa gurbinsa, idan makinsa ya canza kuma a take a matsar da shi.

Mu ɗauki mutum biyar daga cikin 'yan gasar tamu, don a ga abin a kusa. Umarnin zuba suna da maki shi ne `ZADD`:

```
ZADD gasa:mako1 70 amina 90 bala 80 hadiza 90 zainab 60 sani
```

`gasa:mako1` sunan teburin ne, mu muka raɗa masa, kuma ba sai an ƙirƙire shi tukuna ba, zubawar farko ce ke haifar da shi. A lura maki ne ke zuwa kafin suna. Redis za ta mayar da 5, wato sababbin sunaye biyar sun shiga. Idan ana son ukun farko daga sama:

```
ZRANGE gasa:mako1 0 2 REV WITHSCORES
```

Kalmar `REV` ce ke juya jerin ya faro daga mai maki mafi yawa, domin Redis daga ƙarami take farawa idan ba a ce mata komai ba. Wanda ya manta da ita zai buga sunayen 'yan baya a matsayin zakaru. Wannan salon rubutu ya zo ne da Redis 6.2, masu tsohuwar kuwa `ZREVRANGE` suke amfani da shi. Amsar da za ta fito ita ce zainab 90, bala 90, hadiza 80.

Idan Hadiza ta ci wata tambaya, ba sai an karanto makinta an ƙara an mayar ba. Umarni ɗaya ne, `ZINCRBY gasa:mako1 10 hadiza`, sai makinta ya koma 90. Matsayin mutum kuma `ZREVRANK` ke bayarwa, amma daga sifili yake ƙirga, saboda haka na ɗaya 0 zai fito, na biyu 1. Mai rubuta manhajar ne zai ƙara ɗaya kafin ya nuna wa jama'a. Wanda kuma yake can tsakiyar teburi, ana iya nuna masa maƙwabtansa: a samo matsayinsa, sannan a nemi `ZRANGE` daga biyu a samansa zuwa biyu a ƙasansa. Wannan ya fi ƙarfafa wa na 18,402 gwiwa fiye da kallon goman farko da ba zai taɓa kamowa ba.

Ta yaya take gano matsayi ba tare da ta ƙirga kowa ba? Idan jerin ya girma, Redis na ajiye shi ta hanya biyu lokaci guda. Akwai wani kundi da ke kai ta kan makin mutum kai tsaye da zarar an ba ta sunansa. Akwai kuma jerin kansa, wanda aka gina hawa-hawa bisa dabarar da William Pugh ya fito da ita, mai suna `skip list`. Kamar matafiyi ne da zai je wani ƙauye mai nisa: ba ya shiga motar da ke tsayawa kowane gari, sai ya hau ta dogon zango zuwa babban birni mafi kusa, ya sauka ya shiga ƙaramar bas zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi. Hawan sama na jerin yana tsallake dubban sunaye a taku ɗaya, na ƙasa yana tsallake kaɗan, kuma kowane tsalle an rubuta sunaye nawa ya haye. Kafin a isa kan mutum an riga an tara adadin waɗanda aka wuce. Shi ya sa ko mutum miliyan ɗaya ne a teburi, takun da ake yi 'yan gomomi ne, kuma idan 'yan gasa suka ninka biyu, ɗan abin da ke ƙaruwa a aikin bai taka kara ya karya ba.

Zuwa nan komai lafiya, kuma nan ne yawancin masu koyo ke naɗe tabarma. Amma jera maki shi ne mai sauƙi a aikin. Rigimar gasa daga wurare uku take tasowa, kuma babu ɗaya a ciki da Redis za ta warware wa mai gasa da kanta.

Na farko shi ne kunnen doki. Mu koma kan mutanenmu. Bala ya kai maki 90 tun awa guda da buɗe gasa, Zainab ta kai bayan awa biyu, Hadiza kuma sai washegari. Idan aka sake neman ukun farko yanzu, abin da zai fito shi ne zainab, hadiza, bala. Bala da ya riga kowa ya koma na uku, `ZREVRANK gasa:mako1 bala` zai ba da 2. Ba kuskure Redis ta yi ba. Ƙa'idarta ce idan maki ya zo ɗaya ta jera sunayen bisa haruffa, da yake kuma mun juya jerin, sai haruffan ma suka juye, mai harafin ƙarshe ya hau sama. Ke nan a wannan teburi duk wata Zainab ko wani Yusuf sun shiga gaban duk wani Bala ko wata Amina tun ranar suna. A gasar da tambayoyi 20 ne kawai, makin da mutum zai iya samu iri 21 ne, daga 0 zuwa 200. A raba mutum 50,000 a cikin gurabe 21, a ga yadda dubbai za su cunkushe a kan maki ɗaya. Kunnen doki a nan ba tsautsayi ba ne, shi ne halin da kusan kowa zai tsinci kansa.

Mafita biyu ce, kuma zaɓi tsakaninsu hukunci ne na masu gasa, ba na mai rubuta manhaja ba. Ta farko, a ce duk masu maki ɗaya matsayinsu ɗaya. A nan sai a bar `ZREVRANK`, a ƙirga waɗanda suka fi mutum maki kawai, a ƙara ɗaya:

```
ZCOUNT gasa:mako1 (90 +inf
```

Bakan da ke gaban 90 yana nufin ban da 90 ɗin kansa, `+inf` kuma har iya sama. Amsar 0 ce, ke nan Bala da Zainab da Hadiza duk na ɗaya ne. Idan aka yi wa Amina da 70, amsa 3 ce, ta zama ta huɗu. Wannan ya yi daidai idan takardar shaida za a bayar. Idan kuwa babur ɗaya ne kyautar, ba ya rabuwa uku.

Ta biyu, a ce wanda ya riga kaiwa shi ne a gaba. Matsalar ita ce jerin maki lamba ɗaya tak yake karɓa ga kowane suna, saboda haka dole a cusa maki da lokaci a cikin lambar nan ɗaya. Ga yadda ake yi. Mako guda daƙiƙa 604,800 ne, bai kai miliyan ba. Sai a ninka maki da 1,000,000, a ƙara masa daƙiƙun da suka rage kafin a rufe gasa. Bala ya kai 90 a daƙiƙa ta 3,600, saura 601,200, lambarsa ta zama 90,601,200. Zainab ta kai a ta 7,200, saura 597,600, tata 90,597,600. Hadiza ta kai bayan awa 25, wato daƙiƙa ta 90,000, saura 514,800, tata 90,514,800. Yanzu teburi zai ba da Bala, Zainab, Hadiza, yadda kowa zai yarda. Kuma da yake daƙiƙun ba za su taɓa kai miliyan ba, mai maki 80 ba zai haye mai 90 ba komai sammakonsa. Wajen nunawa sai a raba lambar da miliyan a yar da ragowar, jama'a su ga 90 kawai.

Sai dai wannan dabara tana da kuɗinta. `ZINCRBY` ya daina wadatarwa, domin kowace sabuwar amsa tana canza ɓangaren lokaci ma. Dole a lissafo sabuwar lambar a rubuta ta gaba ɗaya:

```
ZADD gasa:mako1 GT 90601200 bala
```

`GT` na nufin kada a taɓa lambar da ke nan sai idan sabuwar ta fi ta. Amfaninsa babba ne: idan wani saƙo ya makara a hanya ya iso da tsohon maki, ba zai jawo Bala baya ba, haka idan aka sake aiko 90 ɗin daga baya, daƙiƙunsa sun ragu, Redis za ta yi watsi da shi. Lokacin kuma daga agogon sabar za a ɗauka. Agogon waya a hannun mai waya yake, kuma yaran yanzu ba sa buƙatar a koya masu mayar da shi baya.

Akwai wani rami a nan da ba a ganinsa sai an faɗa. Lambar makin Redis ba ta riƙe cikakkiyar lamba daidai sai zuwa 9,007,199,254,740,992, wato lamba mai gurbi 16. Lissafinmu gurbi 9 ne iyakarsa, muna da sarari sosai. Amma masu rubuta manhaja da yawa sukan ɗauko agogon kwamfuta kai tsaye, wanda ke ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa tun daga 1970, kuma wannan shi kaɗai gurbi 13 yake ci. Abin da ya rage wa maki bai wuce 900 ba. Da an haura nan, Redis ba za ta yi ƙorafi ba, sai dai ta riƙa gyara lambobin ƙarshe zuwa mafi kusa da za ta iya riƙewa. Gane shi ba wuya: a zuba lamba mafi girma da gasar za ta iya haifarwa, wadda ta ƙare da mara, a karanto ta da `ZSCORE`. Idan abin da ya dawo ba shi aka zuba ba, an wuce gona da iri.

Rigima ta biyu ita ce ƙirga amsa ɗaya sau biyu, kuma duk inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa, wannan ba makawa sai ya faru. Sani ya danna amsar tambaya ta 7. Saƙon ya isa sabar, an ƙara masa 10, amma amsar da za ta koma wayarsa ta ɓace a hanya. Shi dai yana ganin abu na ta juyawa, sai ya sake dannawa, ko manhajar ta sake aikawa da kanta. `ZINCRBY` ba ya tuna jiya, abin da aka ce ya ƙara shi zai ƙara, sai Sani ya tashi da 20 a tambayar maki 10. Bai yi maguɗi ba, amma ranar da ya gano hakan na faruwa, to daga nan maguɗi zai fara.

Maganin shi ne a buɗe wa kowane ɗan gasa rajistar tambayoyin da ya riga ya amsa. Redis na da wani mazubi na sunaye zalla, marar maki, kuma umarninsa `SADD` yana mayar da 1 idan abin da aka zuba sabo ne, 0 idan yana ciki tun da. Ke nan `SADD amsa:mako1:sani t7` zai ba da 1 a karon farko, 0 a duk na baya, kuma sai an ga 1 za a ƙara maki. A rubuta har amsar da ba daidai ba, da maki 0, in ba haka ba mutum zai yi ta gwada zaɓi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya har ya dace.

Saura ƙiris. Idan aka aika umarnin biyu daban-daban, sabar na iya faɗuwa a tsakaninsu, a rubuta cewa Sani ya amsa amma makinsa bai shiga ba. Shi ya sa ake ɗaure su a ɗan gajeren rubutu na harshen Lua, wanda Redis ke gudanarwa a cikinta ba tare da wani umarni ya ratsa tsakani ba:

```
if redis.call('SADD', KEYS[1], ARGV[1]) == 1 then
  return redis.call('ZINCRBY', KEYS[2], ARGV[2], ARGV[3])
end
return false
```

`KEYS[1]` rajistar Sani ce, `KEYS[2]` teburin gasa, sauran ukun kuma lambar tambaya da maki da sunansa. Wanda ya zaɓi dabarar maki da lokaci, a cikin irin wannan rubutun zai sa lissafinsa, ya ƙare da `ZADD`. A teburin maki zalla, hanya mafi sauƙi ta gano ko ana ninka wa mutane maki ita ce `ZCOUNT gasa:mako1 (200 +inf`. Tunda 200 ne ƙololuwa, duk amsar da ba 0 ba shaida ce. Amma ba ta kama kowa, domin mai 60 da ya koma 70 bai haura komai ba. Wanda ya fi shi ne a kwatanta makin mutum da yawan tambayoyin da ke rajistarsa: mai tambaya shida ba shi da hanyar samun 70.

Wani abu da ya kamata a faɗa a taƙaice: waya zaɓin mutum kawai za ta aiko, sabar ce za ta duba ko daidai ne ta yanke maki. Manhajar da ke barin waya ta ce "a ƙara mani 10" ta miƙa wa kura ajiyar nama. Ita Redis kuma a bayan sabar take zama, ba a barin ƙofarta, mai lamba 6379, a buɗe ga duk mai intanet.

Rigima ta uku ɗaukewar wuta ce, ko faɗuwar na'ura. Abin da ke RAM yana tafiya da wutar. Redis na da hanya biyu ta kwafe bayananta zuwa faifai. Ɗaya ita ce `RDB`, inda take ɗaukar hoton komai lokaci-lokaci, kuma duk abin da ya faru bayan hoton ƙarshe ya tafi. A daren rufe gasa, 'yan mintocin nan na iya zama dubban amsoshi. Ɗayar ita ce `AOF`, inda take rubuta kowane umarni da ya canza wani abu, kuma idan aka saita `appendfsync everysec`, asarar ba ta cika wuce ta kimanin daƙiƙa ɗaya ba. `AOF` ba a kunne take zuwa ba, sai an sa `appendonly yes`. A ganina ko da an kunna ta, bai kamata teburin ya zama shi kaɗai ne shaida ba. A rubuta kowace amsa, da mai ita, da lokacinta, a rumbun bayanai na dindindin. Idan teburin ya rushe a sake gina shi daga can, idan kuma mahaifin wani yaro ya zo da ƙorafi, can za a buɗe masa, domin teburi jimla kawai yake nunawa, ba ya faɗin yadda aka tara ta.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Mun yi amfani da sunaye don sauƙin misali, amma a gasar gaske Amina ba ɗaya ba ce, kuma tunda suna ba ya shiga sau biyu, duk Aminonin za su narke su zama mutum ɗaya mai makin mamaki. Lambar rajista ake sawa, a ajiye sunan a wani wuri, a ɗauko na mutum goman da za a nuna kawai. Kowane mako a buɗe sabon teburi, `gasa:mako2`, `gasa:mako3`, a bar `EXPIRE` ya share tsofaffin idan wa'adinsu ya cika. Teburin wata kuma `ZUNIONSTORE` zai haɗa shi ta hanyar tara makin makonni, amma fa daga teburan maki zalla. Idan aka tara lambobin da aka cusa wa lokaci, daƙiƙun makonni biyu ma na iya haura miliyan su malala cikin maki, mutum ya sami abin da bai ci ba. Mai son duka biyun sai ya riƙe teburi biyu a kowane mako.

Idan gasar taku ta makaranta ɗaya ce mai ɗalibai 200, kada ku wahalar da kanku, rumbun bayanan da kuke da shi ya isa. Idan kuwa dubbai ne kuma kowa na son ganin matsayinsa a take, Redis za ta ɗauke maku nauyin jerawa da umarni huɗu ko biyar. Amma kafin a rubuta ko layi ɗaya, ku zauna ku yanke abin da za a yi idan aka yi kunnen doki, ku buga shi a cikin dokokin gasa, kowa ya karanta tun kafin a yi tambayar farko.